Wasiƙar neman aiki: kawo sanarwar tukuna

Ɗan Jega: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah wa zai taimaka ya rubuto min wasiƙar neman aiki da Turanci mai kyau, irin wadda zan riƙa turawa ko'ina? Akwai inda nake son turawa kafin Juma'a. Babbar difloma gare ni. Allah Ya saka da alheri.

Mai Kafe: Wa alaikumus salam. Ina da samfura a kwamfutar shago, na banki daban, na gwamnati daban, na ƙungiyoyin agaji daban. Turo min cikakken sunanka ta gefe, in sa maka, anjima kaɗan ka karɓa.

Maman Hanifa: Dakata Mai Kafe. Ƙanena, kafin a ɗora alƙalami, wane aiki ne, kuma a ina? Ɗauko hoton sanarwar ka sa mana nan, ko ka kwafo ta yadda take. Sannan ka faɗa mana abin da ka taɓa yi da hannunka, ko da ba a biya ka albashi ba. Abin da ka ba mu yanzu, wato kana da babbar difloma kuma kana son turawa kafin Juma'a, ba ya cika layi biyu. Duk wanda ya ce zai rubuta maka shafi guda daga wannan, to sauran layukan da kame-kame zai cika su: kai mai ƙwazo ne, mai gaskiya ne, kana iya aiki cikin matsi. Wannan kuwa kowa ya rubuta. Tela ne ka kai wa yadi ba awo, ba ka kuma ce riga kake so ko wando ba.

Ɗan Jega: Anti ai ni gani nake duk wasiƙar neman aiki ɗaya ce, sunan wuri kawai ake canzawa.

Maman Hanifa: Bari in nuna maka abin da ke faruwa da ita bayan ta bar hannunka, sai ka yi hukunci da kanka. Wanda zai tantance ba ya zama ya karanta wasiƙu don jin daɗin Turanci. Yana da takarda a gabansa mai layi-layi, kuma daga cikin sanarwar aka ciro kan kowane layi: shaidar karatu, shekarun gogewa, abin da aka ce dole mutum ya iya, wurin zama. Zagayen farko na zubarwa ne. Wanda bai cika sharaɗin dole ba, ko bai bi umarnin turawa ba, an ajiye shi gefe tun ba a kai ga sakin layi na biyu ba. A zagaye na biyu ne ake ba da maki, layi bayan layi. Wasiƙarka aikinta ta sa mai tantancewa ya ga amsar kowane layi ba tare da ya sha wahalar tono ta a cikin sibi ba.

To idan mai rubuta maka bai ga sanarwar ba, bai san layukan ba. Zai iya ɓata rabin shafi yana yabon iya maganarka, alhali su mai riƙe littafin kaya suke nema.

Na Zuru: Hajiya, a yi haƙuri, amma mu faɗi gaskiya. Wa ke karanta wasiƙa a ƙasar nan? In kana da wanda zai ɗaga waya dominka ka samu, in ba ka da shi ko da ruwan zinariya ka rubuta a kwandon shara za ta kwana.

Maman Hanifa: Na Zuru, akwai wuraren da haka ne, ban musa ba. Amma ɗan kasuwar da ya zuba kuɗinsa a inji da sito ba ya son wanda zai ɓatar masa da buhu ɗari don kawai wani ya yi waya. Kuma ko mai uwa a gindin murhu sai an buɗe masa fayil, fayil ɗin kuma wani zai duba.

Abban Sadik: Ni shawarata ya je wurin hakiminsu ya karɓo takarda da hatimi, ya haɗa da ta ƙaramar hukuma mai nuna shi ɗan asalin Jega ne. Ita ce ake nema yanzu, ba sai ya wahalar da kowa ba.

Mai Kafe: Abban Sadik ba wannan yake nufi ba, wasiƙar da ake ɗorawa saman sibi yake magana.

Ɗan Jega: Ga abin da sanarwar ta ce, hoton bai fito sosai ba shi ya sa na taƙaita. Wani kamfanin casar shinkafa ne, ba cikin manyan nan ba, yana neman jami'in sito. Ƙaramar difloma ko babba a fannin akanta, ko harkar kasuwanci, ko saye da adana kaya. Gogewar shekara 2 a irin aikin. Ya iya Excel. Ya san katin sito da takardar karɓar kaya da takardar rakiyar mota. Ya yarda da aikin dare lokacin kaka, kuma ya zauna kusa da masana'anta. A kawo masu tsaya wa mutum biyu. A haɗa wasiƙa da sibi da takardun makaranta a PDF guda ɗaya, a rubuta `Store Officer SO-02` a kan saƙon imel. Ana rufewa Juma'a ƙarfe 4 na yamma.

Matsalar ita ce ni ban taɓa aiki ba. Harkar kasuwanci na karanta a kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, na yi bautar ƙasa ina koyarwa a wata sakandare, shi ke nan. Shi ya sa na so a rubuta min ta gaba ɗaya kawai.

Maman Hanifa: Ka ga abin da ya fito daga saƙo ɗaya? Samfurin Mai Kafe ba zai san da lambar `SO-02` ba. Idan ma'aikata ta ba da lamba irin wannan, yawanci da ita ake ware saƙonni a akwatin imel, wanda bai sa ba saƙonsa na iya faɗawa inda ba mai dubawa. Ba zai san da aikin dare ba, ba zai san da zama kusa ba, kuma waɗannan biyun jimla ɗaya tak suke buƙata a wasiƙa, amma rashinta na sa a ɗauka ba ka yarda ba.

Yanzu ɓangare na biyu. Ka ce ba ka taɓa aiki ba. Tsakanin ƙaramar difloma da babba akwai shekara guda ta koyon aiki da ake bukata kafin a koma. A ina ka yi ta? Kuma tun da ka dawo daga bautar ƙasa me kake yi da safe zuwa yamma?

Ɗan Jega: A shagon kawuna na yi, cikin kasuwar Jega. Taki da hatsi yake sayarwa. Yanzu ma can nake, wata goma ke nan da dawowata. Amma ai wannan zaman shago ne Anti, ba aiki ba.

Baba Sitokifa: Yaro, mi kaka yi cikin shagon? Hwaɗa muna dalla-dalla. In mota ta zo da kaya, wa ka tsayawa bakin ƙofa? Wa ka riƙe littahi? Makullin sito hannun wa shi ka kwana?

Ɗan Jega: Baba ni ne. In tirelar taki ta zo, buhu 600 ne mai kilo 50, ni nake ƙirgawa 'yan dako suna saukewa, in duba takardar da direba ya zo da ita, in ware wanda ya fashe ko ya jiƙe, in sa hannu. Da damina mukan sauke kamar tirela huɗu zuwa biyar. Ina rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kullum, da na bashi. Duk ranar Juma'a da yamma mukan ƙirga abin da ke sito mu gwada da littafi. Da kaka kuma muna sayen shanshera da gero mu ajiye.

Baba Sitokifa: To wanga da kac ce ba aiki ba ne, shi ne aikin da sunka buga sanarwa suna nema. Takardar da direba ka zowa da ita, ita ce takardar rakiyar mota. Sa hannun da kaka yi bayan ka ƙirga ka ware na banza, shi ne takardar karɓar kaya, sai dai su tasu bugagga ce mai kwafi, sito ya riƙe guda, akanta ya samu guda. Littahin shiga da fita shi ne katin sito, sai dai a masana'anta kowane irin kaya da nashi kati, a rataye inda anka jera kayan. Ba a gama shanshera da gyararriyar shinkafa kati guda, ba a gama tsaki da dusa, har buhunan banza da zaren ɗinki da gas na janareta suna da nasu.

Da Hajiya ba ta tambaye ka ba, da an rubuta maka wasiƙa mai cewa kai sabon kammala karatu ne mai neman a ba shi dama. Ka ga ka kai kanka ƙasa da hannunka.

Maman Hanifa: Wannan shi ya sa ba a rubuta wa mutum wasiƙa sai an zauna an yi masa tambayoyi. Yawancin matasanmu abin da suka ɗauka gogewa shi ne inda aka ba su katin shaida da albashin wata. Sai su ɓoye shekarun da suka yi suna riƙe kuɗin gidan mai, ko aikin wucin gadi na zaɓe, ko rigakafin shan inna gida-gida. Mai rubutu kuma ba ya duba, ba zai san abin da ba a faɗa masa ba. In ya ga ba komai, ɗaya cikin biyu zai yi: ko ya cika da yabo, ko ya ƙirƙiro maka aikin da ba ka yi ba. Na biyun ya fi haɗari, domin a intabiyu daga wasiƙar za a ciro tambaya, kai kuma ba ka ma san abin da aka ce ka yi ba.

Mai Kafe: Hajiya, na yarda da batun tambayoyi, amma kar a kashe mana samfuri gaba ɗaya. Rabin waɗanda ke zuwa shago ba su san inda ake sa adireshi da kwanan wata ba. Wani ya rubuta shafi uku. Wani ya fara da gaisuwa da tambayar iyali kamar wasiƙar gida. Samfuri yana gyara wannan.

Maman Hanifa: Ƙashin bayan wasiƙa, eh, samfuri na bayarwa: adireshinka, kwanan wata, wanda ake rubuta wa, kan magana, rufewa da sa hannu. A nan ya tsaya. Inda yake cutarwa shi ne in an bar cikinsa. Ana ganin wasiƙar da aka tura wa kamfanin shinkafa tana cewa mai ita na ɗokin ba da gudummawa ga bankinku, saboda an canza suna a sama an manta na tsakiya. Ana ganin mai neman kowane gurbi da ke akwai, alhali sanarwa gurbi ɗaya ta ambata da lambarsa. Kuma in mutum goma daga gari ɗaya suka buga a shago ɗaya, mai tantancewa zai ga jimla iri ɗaya sau goma. Daga ta uku ya daina karantawa.

Mai Kafe: Wannan na canza suna a manta na tsakiya kam yana faruwa, musamman in ana layi.

Baba Sitokifa: Saura abu na ukku da ba a taɓa ba, shi ne mi ka damun mai kamfanin. Sanarwa tana hwaɗin abin da suka so ka iya, ba ta hwaɗin abin da ka hana su barci. Tun da anka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a 2015, noman shinkafa ya ƙaru, injinan casa sunka yawaita, manya irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT da anka buɗe a Argungu a 2017, da ƙanana bila adadin. Dukansu ciwon guda ne: abin da anka auna a ƙofa da abin da ad da shi cikin sito ba su zama daidai.

Ga misali. Mota ta kawo shanshera tan 30, sikelin mota ya nuna kilo 30,000. An sa na'urar auna danshi ta nuna kashi 20. Ba a aje shinkafa haka, sai ta yi zahi ta ruɓe, sai an busar da ita ta dawo wajen kashi 14. Lissahin shi ne ka ɗauki 30,000 ka ninka da 80 ka raba da 86, ya ba ka kilo 27,907. Fiye da tan biyu sun tahi, kuma ba wanda yas sata, ruwa ne. In sitokifa bai rubuta danshin ranar karɓa ba, ranar ƙirga za a ga giɓin tan biyu, shi ko ba shi da abin kare kai. In ko ɓarawo ne, cikin wanga giɓi shi ka ɓoye nashi. Shi ya sa manaja ka neman wanda ya san a rubuta nauyi da danshi da lambar mota tare, a jera buhu kan katako ba ƙasa ba, a bar tazara da bango, a fitar da wanda yaf fara shiga kahin sabo.

In wasiƙarka ta nuna ka san wanga ciwo, ko da jimla guda, manaja zai aje ta gefen dama.

Ɗan Jega: Baba mu ba mu da na'urar danshi. Kawu da haƙori yake gwadawa, in ta yi tauri ya ce ta bushe. Amma muna rage kuɗi in ɗanya ce, kuma ina rubuta wadda muka shanya da yadda ta ragu.

Baba Sitokifa: To hwaɗi hakanan. Ka ce kana rubuta nauyi kahin shanya da bayan shanya. Kada ka ce ka iya na'urar. Koyonta ba ya kai wuni guda, amma in kac ce ka iya anka miƙa maka ita a intabiyu, ka gama.

Maman Hanifa: Yanzu da abubuwa ukun suka samu, ga yadda za ta tafi, shafi ɗaya, sakin layi huɗu. Da Turanci za ka rubuta, ni ma'anar nake ba ka.

A sama, wanda sanarwa ta ce a rubuta wa, da muƙaminsa yadda suka rubuta shi. Kan magana ya ɗauki sunan gurbin da lambar. Sakin layi na farko jimla biyu ya isa: kana neman gurbin jami'in sito mai lamba kaza, kana da babbar difloma a harkar kasuwanci, ka kammala bautar ƙasa, kuma kana riƙe da sito da littafin kaya na wani dilan taki da hatsi a kasuwar Jega.

Na biyu shi ne zuciyar wasiƙar, nan za ka daɗe. Kana karɓar tirela huɗu zuwa biyar ta taki a damina, kowace buhu 600, kana gwada abin da aka sauke da takardar direba, kana ware lalatacce kafin sa hannu. Kana rubuta shiga da fita kullum, kana ƙirga sito duk mako ka daidaita da littafi. Da kaka kana karɓar shanshera kana rubuta nauyinta kafin shanya da bayanta. Ka lura ban sa kalmar amana ko ƙwazo ba. Wanda aka bar wa makullin sito mai buhu ɗaruruwa, mai karatu zai gane da kansa. Kuma ka yi amfani da sunayen takardun yadda sanarwar ta kira su, domin su idonsa ke nema.

Na uku gajere: Excel, aikin dare, zama kusa da masana'anta, masu tsaya maka biyu a shirye. Na huɗu ka ce ka haɗa sibi da takardu, ga lambar waya, kana jiran a kira ka. Koyarwar da ka yi a bautar ƙasa ta zauna a sibi, ba ta da abin yi a nan.

Abban Sadik: To kun ga batun masu tsayawa ya fito. Ai na ce ya je wurin hakimi.

Baba Sitokifa: A nan kana da gaskiya. Aikin sito ba a ba mutum sai da mai tsaya mashi, kuma sun fi son ma'aikacin gwamnati mai girman muƙami ko basarake ko ɗan kasuwa sananne. Amma ya tambaye su tukuna kahin ya sa sunansu. Ana kiran mutum ya ce bai san zancen ba.

Na Zuru: Ni fa har yanzu ina da ja. Sun ce shekara 2 a irin aikin. Shagon kawu ne. Suna gani za su ce ɗan gida ne aka rubuta wa takarda. Kuma ku lissafa, shekara ɗaya da wata goma, wata 22 ke nan, bai kai ba. Ni da ni ne sai in rubuta shekara uku in wuce wurin, tun da yana zuwa shagon lokacin hutu.

Maman Hanifa: Kar ya rubuta uku. Sibi zai nuna shekarun da yake aji a Birnin Kebbi da shekarar bautar ƙasa, mai tantancewa yana jera kwanan wata ya ga sun hau kan juna. A aikin da jarinsa amana, wannan kaɗai ya isa. Ya rubuta yadda yake: shekara guda cikakkiya lokacin koyon aiki, hutu da ƙarshen mako lokacin babbar difloma, sannan wata goma daga gama bautar ƙasa zuwa yau. Su haɗa da kansu.

Na Zuru: Su haɗa su samu 22 su ajiye shi. Ke da bakinki kika ce zagayen farko na zubarwa ne.

Maman Hanifa: Yana iya faruwa. Wani wurin a kan lamba suke tsayawa, wani wurin manajan da zai yi aiki da mutum shi ke dubawa, shi kuma abin da ka iya ya dame shi. Daga waje ba ka sanin wanne ne. Amma tsakanin a ajiye shi kan wata biyu da a kama shi da ƙarin shekara, na farkon yana iya sake nema a wurin gobe.

Baba Sitokifa: Batun kawu kuwa, ba dole ya rubuta dangantaka cikin wasiƙa ba, sunan shago da kasuwa ya isa. In an tambaya ya hwaɗi. Sai dai kada kawun ya zan shi kaɗai ne shaida. Ya samu wanda ka kawo masu taki, ko wani cikin shugabannin 'yan kasuwa da ya san shi bakin sito.

Maman Hanifa: A nan ni da Baba mun ɗan saba. Na fi son ya faɗa tun a wasiƙa cewa kasuwancin iyali ne, kalma biyu ce. In suka gano da kansu daga baya sai ya zama kamar an ɓoye.

Baba Sitokifa: Hajiya, in yar rubuta haka wani bai ƙarasa karantawa. Bari shi kai gabansu tukuna.

'Yar Yauri: Salamu alaikum, ku yi haƙuri in shigo da nawa. Ni malamar firamare ce, ina da NCE da rajistar TRCN, ina son neman aikin wata ƙungiya da ke harkar karatun yara mata. In kun gama ta Ɗan Jega zan iya ɗauka in canza sunan aiki?

Mai Kafe: Malama, da tirelar taki a ciki?

Maman Hanifa: Malama, ke ma sanarwar za ki kawo. Ƙungiyoyin nan sukan rubuta jerin ayyukan gurbin da ƙananan hukumomin da za a yi aikin, wani lokaci har da harshen da suke so. Wanda za a tura ƙauyukan Yauri ko Ngaski, jin Kambarci na iya fin wata takardar amfani, kamar yadda Zabarmanci ko Dandanci ke yi a wajen Kamba, da Dakarci a ƙasar Zuru. Wanda bai ga sanarwa ba ba zai ma yi tunanin tambayar ki harshen da kike ji ba. Ki buɗe naki zaren, ki sa sanarwar, da ajin da kike koyarwa, da yawan ɗalibai, da ko kin taɓa aiki da kwamitin iyaye.

Wani amfanin ganin sanarwa da ban faɗa ba: a nan ake gane ta bogi. In an ce a tura kuɗin fom ko na intabiyu zuwa asusun wani mutum, ba sai an ɓata tawada ba.

Ɗan Jega: Na gode ƙwarai. Saura Excel. Gaskiya abin da na iya shi ne shigar da lambobi da `SUM`. In rubuta na iya ko in yi shiru?

Mai Kafe: Wannan fannina ne. Abin da sito ke buƙata ba shi da yawa. Ka jera kwanan wata a A, sunan kaya a B, shiga a C, fita a D, saura a E. Layin farko na kanun ne, a E2 ka sa abin da ka tarar a sito. Lissafin farko da ke ƙasan nan ka sa shi a E3 ka ja ƙasa, yana ba ka saura bayan kowane layi, amma sai in kaya iri ɗaya ne a shafin. Na biyun yana tara duk abin da ya fita na kaya ɗaya in ka gauraya su.

```
=E2+C3-D3
=SUMIF(B:B,"NPK",D:D)
```

Ka ɗauki littafin shagon na wata ɗaya ka shigar da shi. In sauran da kwamfuta ta ba ka ya zo daidai da na littafi, ka iya abin da za su gwada ka a kai. Inda yake lalacewa shi ne rubuta sunan kaya iri biyu, yau NPK gobe N.P.K, sai ya ƙirga ɗaya ya bar ɗaya.

Maman Hanifa: Shiru ba zai yiwu ba tun da sharaɗi ne a sanarwa, layinsa zai zauna ba maki. Ka yi abin da Mai Kafe ya ce kafin Alhamis, sannan ka rubuta daidai abin da ka yi: kana iya ajiye lissafin shiga da fita da saura a Excel. Kar ka ce ƙwararre.

Mai Kafe: Kuma batun PDF ɗaya, kar ka ɗauki hotunan takardu da waya ka tura su goma a warwatse. Wasiƙa a farko, sibi, sakamakon difloma biyun, takardar sallamar bautar ƙasa. Sunan fayil ya zama sunanka da lambar gurbin. Ka fara tura wa kanka ka buɗe a wata wayar ka ga ko ya fito. Ranar Alhamis za ka tura, don Juma'a ana saukowa daga masallaci ƙarfe 4 ta kusa, ga sabis ba tabbas.

Ɗan Jega: To zan rubuta da kaina yau da dare in sa nan ku gyara min Turancin. Batun kasuwancin iyali ne ban san wanda zan bi ba, Anti ko Baba.

Na Zuru: Ni dai ina nan kan wata 22.

Maman Hanifa: Rubuto duka biyun mu ga yadda kowacce ta zauna a jimla. Ka kuma sake ɗauko hoton sanarwar da haske, ina son ganin wanda suka ce a rubuta wa, da ko sun ce a faɗi albashin da ake so, don taƙaitawarka ba ta ambaci wannan ba.